Gane Shekarun Yaro Daga Jikinsa: Inda Ake Dacewa da Inda Ake Kuskure

Sau da yawa akan kawo wa mutum riƙon yaro ba takardar haihuwa, ba katin asibiti, ko kuma uwa ta manta watan da ta haihu saboda ɗawainiya ta yi mata yawa. Sai ranar da masu rigakafi suka shigo gida suka ce "watansa nawa?" kowa ya fara kallon kowa. Tambayar ba ta banza ba ce, domin sinadarin bitamin A da ake ɗiga wa yara iri biyu ne: shuɗi na ɗan wata 6 zuwa 11, ja na ɗan shekara ɗaya zuwa ƙasa da biyar. Ga yadda za ku yi kirdado mai kyau, da kuma wuraren da kirdadon ke yaudara.

1. Ku fara da takarda da tarihi kafin ku duba jikin yaro.
Ku bincika ƙasan akwati ko cikin kwalla, ko za a samu katin rigakafi ko na awon ciki, domin kwanan wata ɗaya a rubuce ya fi duk wani hasashe. In babu, ku tambayi wadda ta yanke cibi, ko wanda ya yi askin suna, ko maƙwabciyar da suka yi wankan jego tare. Ku ɗaura tambayar a kan abin da ba a mantawa: azumi ne ko Babbar Sallah, an yi shuka ko ana girbin gero, ana hunturu ko bazara.

2. Ku ɗauki zama da tafiya a matsayin tazara mai faɗi.
Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi diddigin yara masu ƙoshin lafiya a ƙasashe biyar, ciki har da Ghana, ta fitar da sakamakon a 2006. Ta ga wasu suna zama da kansu tun suna kusan wata 4, wasu sai sun kai wata 9, tafiya kuwa ba tare da an riƙe su ba tana farawa daga wajen wata 8 har zuwa kusan wata 18. Ke nan in kun ga yaro ya fara tata, abin da za ku iya cewa kawai shi ne yana tsakanin waɗannan watanni, kuma tazarar ta kusa wata goma.

3. Kada ku dogara da rarrafe.
Akwai yaran da lafiyarsu ƙalau amma ba sa rarrafe sam, sai dai su ja gindi, daga nan su miƙe. Yaron da yake yini a goye a bayan uwa ko yayarsa ma yakan makara kaɗan, saboda bai samu tabarmar da zai gwada ba.

4. Ku ƙirga haƙora, ku ƙara shida.
Haƙoran farko, wato biyun gaba na ƙasa, sukan fito wajen wata 6, kuma daga nan har kusan shekara biyu akwai lissafin da ke taimakawa: yawan haƙora a ƙara shida, shi ne kimanin watannin yaro. Mai haƙora huɗu yana wajen wata 10, mai goma sha biyu da turamensa na farko yana wajen wata 18. Lissafin yakan sha ƙasa, don wani jaririn yana cika shekara da dasashi zalla kuma ba abin da ke damunsa, sannan da zarar haƙoran sun cika ashirin, tsakanin shekara biyu da rabi zuwa uku, bakin ya daina ba da labari sai an kai famfara wajen shekara shida.

5. Ku shafa maɗiga a hankali, yaro yana zaune ba ya kuka.
Yawanci tana rufewa tsakanin shekara ɗaya da shekara ɗaya da rabi, wata kuma takan kai kusan shekara biyu. In kun ji ta loma ciki, musamman yaro yana gudawa ko amai, wannan alamar ƙarancin ruwa ce a jiki, ba maganar shekaru ba, don haka a ba shi ruwan gishiri da sukari a nufi asibiti. Haka ma in ta kumbura yana zazzaɓi, kada a tsaya shafa mata komai.

6. Ku haɗa alamomi uku ko huɗu, ku ga inda suka haɗu.
A ce an kawo wa kaka jikarta riƙo: yarinyar tana tafiya amma tana tangaɗi, hannuwa a sama, haƙoranta takwas, maɗigarta ta ragu amma da saura, tana cewa "Baba" da "mama" tana nuna kofi in tana son ruwa. Haƙora sun ce wata 14, tafiya da maɗiga da magana duk ba su musa ba, don haka kuna iya cewa tana tsakanin wata 12 da 18. Sai gwaggonta ta tuna cewa cikin azumin bara aka yi sunan, ga shi yanzu ana shirin layya, daga azumi zuwa azumi wata 12, a ƙara uku zuwa Zulhajji, 15 ke nan, kuma da haka za ku gaya wa mai rigakafi cewa ta wuce shekara, ja za a ba ta.

7. Ku tuna yunwa da ciwo suna rage wa yaro shekaru a ido.
Nan ne mutane suka fi ruɗuwa. Yaron da ya sha fama da tamowa, ko ƙyanda, ko zazzaɓin cizon sauro a kai a kai, ko mai sikila, yakan tsumbure ya makara wajen tafiya, har ɗan shekara uku ya yi kama da ɗan shekara biyu. In kuka yanke masa shekaru daga ƙanƙantar jikinsa, kun rufe matsalar da ya kamata a gani, sai kowa ya ce ai ƙarami ne, zai yi, alhali lokacin taimakonsa yana wucewa.

8. Ku cire wa bakwaini watannin da bai cika ba.
Wanda aka haifa da wata bakwai, in ya kai wata 8 a duniya, ku auna shi da ɗan wata 6. Ana yi masa wannan rangwame har ya kai kusan shekara biyu, amma fa rigakafinsa daga ranar haihuwa ake ƙirga shi.

9. Kada ku ɗauki gwajin kama kunne da zafi.
Kun san yadda malaman firamare suke sa yaro ya ɗora hannu ta saman kai ya kamo kunnen ɗaya ɓangaren. Akwai hikima a ciki, domin kan jariri babba ne, hannunsa gajere, sai wajen shekara biyar zuwa shida hannun ke kaiwa. Sai dai tsumburarren yaro yakan kasa ko da ya isa makaranta, dogo kuma ya kama tun bai isa ba, saboda haka kada a mayar da yaro gida a kan wannan kaɗai.

10. In kun san shekarun, ku juya lissafin.
Wanda kuka tabbatar da watanninsa, alamomin nan su zama ma'aunin lafiyarsa: ya wuce wata 9 ba ya zama, ko wata 18 ba ya tafiya kuma ba ko kalma ɗaya, ko shekara biyu ba ya haɗa kalma biyu irin "ba ni" da "Inna zo", ku kai shi a duba, a gwada har da jinsa. Wanda ya iya abu sannan ya daina, shi ba a jiran ko wata guda. Kuma in magani za a ba yaron da ba a san shekarunsa ba, ku roƙi a ɗora shi a sikeli, don yawancin magungunan yara da nauyi ake auna su.

Duk jaririn da aka haifa muku daga yau, ku rubuta ranar a bangon littafi tun kafin suna, da kwanan watan Musulunci da na Bature. Sannan maigida ya je a yi masa rajistar haihuwa, a Najeriya wajen Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, a Nijar kuma a ofishin magajin gari, a ajiye takardar tare da katin rigakafi cikin leda ɗaya.