Auna Kai Kafin Miƙa Aiki: Yadda Ɗalibi Zai Ƙiyasta Makinsa da Hujja

A jami'o'in Nijar, tun daga Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai har zuwa Jami'ar Jibo Hamani ta Tawa, ana auna aikin ɗalibi a kan maki 20. Goma ita ce mashiga. Daga 12 daraja ta ɗaga, daga 14 ta ƙara ɗagawa, 16 kuwa sai wanda ya yi fice. Kowane ɗalibi ya san wannan tsani. Abin da kaɗan suka iya shi ne faɗin matakin da aikinsu zai taka tun kafin ya bar hannunsu. Da yawa sukan miƙa aiki suna jin 16 a zuci, takarda ta dawo da 11, sai a shiga zargin malami da tsanani.

Wannan giɓi tsakanin zato da sakamako an daɗe da nazarinsa. A 1999 Justin Kruger da David Dunning na Jami'ar Cornell sun gwada ɗalibai a fannoni da suka haɗa da nahawun Ingilishi, suka tarar waɗanda suka fi rauni su suka fi kai kansu inda ba su kai ba. Masana sun yi ta muhawara a kan fassarar sakamakon, amma dalili guda da marubutan suka kawo ya shafi ɗalibin ilimin harsuna kai tsaye: ilimin da ake bukata a yi aiki daidai, shi ne kuma ake bukata a gane an yi kuskure. Wanda kunnensa bai rarrabe karin sautin kuka na itace da kuka na hawaye ba, ba zai ga inda ya kauce ba ko da ya karanta aikinsa sau goma.

Saboda haka jerin tambayoyin auna kai ba ya amfani idan ya tsaya ga tambayar ɗalibi abin da yake ji. Tambaya irin "Shin nazarina ya yi zurfi?" amsarta kullum i ce, domin ba wanda ke kushe abin da ya kwana yana rubutawa. Tambayar kirki ita ce wadda amsarta take a shafi: a nuna ta da yatsa, ko a ƙirga ta. Ka'idar kenan, kuma ita kaɗai ta isa ta gyara rabin jerin da ɗalibai ke kwafa daga juna: duk amsar i da ba a rubuta lambar shafi a gefenta ba, a lissafa ta a matsayin a'a.

A ɗauki misalin wata ɗaliba ƴar Tsarnawa, garin da ke gabas da Birnin Ƙonni inda hanyar Tawa ta rabu da babbar hanyar Yamai zuwa Maraɗi. Ta rubuta aikin ƙarshen zango mai shafi 15 a kan wasu siffofin Hausar yankinsu. Ta naɗi muryar mutum shida a Tsarnawa da Malbaza da Illela, ta fitar da misalai 40: munka da sunka inda daidaitacciyar Hausa ke da muka da suka, na da ta a gurbin ne da ce, hwara a gurbin fara, zamna da sabka a gurbin zauna da sauka. Aiki ne mai ban sha'awa, kuma da aka tambaye ta, 16 ta ba kanta.

Matakin farko shi ne samo ma'aunin da malami zai yi hukunci da shi, wanda ɗalibai ke kira barem. Idan malami ya bayar, shi ke nan. Idan bai bayar ba, a tambaye shi, ko a duba gyare-gyaren da ya yi wa ayyukan ƴan ajin bara, domin inda jan alƙalaminsa ya fi yawa nan zuciyarsa take. A ce a wannan darasi an raba maki haka: tambayar bincike da tsarin aiki 3, bayanan fili da rubuta su 5, nazari 6, amfani da ayyukan magabata 3, harshe da tsabtar rubutu 3. Ƙarƙashin kowane kaso ɗalibar za ta rubuta tambayoyi uku ko huɗu, sannan ta ba kanta lamba biyu maimakon ɗaya: abin da mai gyara mai tsanani zai bayar, da abin da mai sassauci zai bayar. Lamba guda yaudara ce, tunda ko malamai biyu na sashe ɗaya ba safai suke haɗuwa a kan maki ɗaya ba.

Kason farko bai ba ta wahala ba. Tambayar binciken tana nan a shafi na 2 cikin jimla guda, kammalawa kuma ta koma kanta. Ta rubuta 2 zuwa 2 da rabi.

A kason bayanan fili ne aka fara ganin amfanin ƙirga. Tambayar ita ce: shin kowane misali yana ɗauke da alamar karin sauti da tsawon wasali? A tunaninta duk ta saka. Maimakon ta yarda da tunanin, sai ta ɗauki kowane misali na biyar, wato takwas cikin 40, ta duba su ɗaya bayan ɗaya tana sauraron abin da ta naɗa. Biyar ne kawai suka cika. Idan haka sauran suke, kimanin misalai 15 ke da naƙasu. A aikin adabi wannan ƙaramin abu ne, amma a nazarin karin harshe shi ne ƙashin bayan hujja. Rubutun yau da kullum ba ya bambanta gari na mazauna da gari na tuwo, tsawon wasali ne ke raba su. Kalmomin na da ta da take nazari kuwa, kamar ne da ce, karin sautinsu kishiyar na gaɓar da ta gabace su ne, don haka misalin da ba a yi wa alama ba bai nuna wannan ba sam. Tambaya ta biyu ta shafi masu ba da bayani: an faɗi shekarun kowa da garinsa da ko ya taɓa daɗewa a wani wuri? Huɗu cikin shida aka yi wa haka. A yankin da ke bakin iyaka, inda mutane ke kai da komo tsakanin Ƙonni da Sakkwato, kuma rediyo ke shigo da Hausar Kano kowane gida, wannan ba ado ba ne. Ta rubuta 2 da rabi zuwa 3 da rabi cikin 5.

Nazari shi ne kaso mafi nauyi, shi ne kuma wanda ya fi ƙin ƙirguwa. Duk da haka akwai tambaya guda da za a iya amsawa da shafi: shin kowace magana a kan tarihin harshe an gwada ta da littafi? A shafi na 9 ta rubuta cewa mutanen yankinsu "sun mai da zauna zamna". Da ta buɗe babban nahawun Hausa na Paul Newman na shekarar 2000, sai ta ga al'amarin a juye yake. Zamna da sabka su ne tsofaffin siffofi. Hausar gabas ce ta sassauta baƙin leɓe na ƙarshen gaɓa ya koma u, sauyin da ke cikin abin da ake kira dokar Klingenheben, da sunan Bajamushen da ya bayyana shi a ƙarshen shekarun 1920. Ashe Tsarnawa ba ta canza komai ba a nan, riƙewa ta yi. Kuskure ne da ɗalibai ke yawan faɗawa ciki, don makaranta ta saba musu da ɗaukar daidaitacciyar Hausa a matsayin uwa, sauran kuma ƴaƴan da suka bauɗe. Abin lura shi ne ba wayonta ne ya kama kuskuren ba. Tambayar ce ta tilasta mata buɗe littafi. Sannan taken aikin ya ce "Hausar Adar", alhali mutum shida daga garuruwa uku ba su isa su yi magana da yawun Adar duka ba. Ta rubuta 2 da rabi zuwa 4 cikin 6.

Sauran biyun sun tafi da sauri. Jerin manazarta yana da ayyuka 12, tara kaɗai aka ambata a cikin rubutu, littafin Bernard Caron na 1991 a kan Hausar Adar kuma an jingina masa magana sau uku babu lambar shafi: 1 da rabi zuwa 2. A rubutu ta gauraya ƴ ta Nijar da 'y ta Nijeriya, wasu ƙugiyoyin ɗ da ƙ kuma sun zube lokacin da aka sauya na'ura: 2 zuwa 2 da rabi.

Da aka haɗa, lissafin tsanani ya ba da 10 da rabi, na sassauci 14 da rabi. Tsakiyarsu 12 da rabi. Sha shidan da take ji a ranta ba ta ma shigo cikin zangon ba. Kuma ƙasan zangon yana dab da 10, wato da ƙaramin tuntuɓe guda a hannun malami mai tsanani, darasin kansa na iya kuɓucewa.

Daga nan lissafin ya zama jagoran aiki. Kwana uku suka rage. Gyaran misalai 15 da sauraron naɗi aikin yini ɗaya ne, kuma yana iya dawo da maki guda cur. Juya maganar shafi na 9 da abin da ya rataya a kanta aikin ƴan awoyi ne. Manazarta da ƙugiya, maraice ɗaya. Ƙara masu ba da bayani kuwa ba zai yiwu ba cikin kwana uku, don haka maganinsa a rage baki: take ya koma "a bakin wasu mazauna Tsarnawa da Malbaza da Illela", a kuma faɗi iyakar binciken a gabatarwa. Ba don lissafin ba, da wataƙila ta kashe kwanakin tana ƙawata gabatarwa, kason da ko ta yi iya yinta rabin maki kawai zai ƙara mata.

Hanyar tana da iyaka. Faɗin zangon, maki huɗu a nan, yana nuna inda ɗalibi ba shi da tabbas, kuma kaso mafi girma na faɗin daga nazari ya fito. Can ne ya kamata a nemi ido na biyu. A ba abokin karatu aikin da jerin tambayoyin, ba tare da nuna masa makin da aka ba kai ba. Idan lissafinsa ya bambanta da na mai aikin da fiye da maki guda a wani kaso, a zauna a kan wannan kaso har a gano dalili. Yana da kyau kuma a bar aikin ya kwana kafin a auna shi, domin wanda ya gama rubutu yanzu yakan karanta abin da ya yi niyyar faɗa a maimakon abin da ke kan takarda.

Idan takarda ta dawo daga malami, a rubuta makin gaske a gefen ƙiyasin, kaso bayan kaso in malami ya rarraba, a adana. Ɗalibin da ya tara irin wannan sau uku ko huɗu zai ga ko yana da ɗabi'ar ɗara wa kansa maki biyu a nazari, ko rage wa kansa guda a rubutu, sai ya cire ko ya ƙara wannan adadi a ƙiyasin kundin lisansi ko na masta tun kafin ya tsaya gaban kwamitin malamai.