Hanyar yanke da hanyar kewaye: wace ce ta fi saurin kai mutum?

Ƴan'uwa manoma da makiyaya na Falanko da sauran garuruwan Damargu, darasinmu na yau a kan hanya yake. Yanzu matasa da yawa suna da wayar salula mai taswira a ciki, irin su Google Maps. Mutum ya rubuta sunan garin da za shi, waya ta zana masa hanya. Wani lokaci sai ta bar hanyar yanke da kowa ya sani, ta nuna ta kewaye. Wasu su ce waya ta ruɗe. Sau da yawa ba ruɗewa ta yi ba, lissafi ta yi. Lissafin kuwa ba ya da wuya, duk wanda ya koyi tarawa da rabawa a ajin yaƙi da jahilci zai iya yin sa.

Nisa dabam, lokaci dabam

Hanya mafi kusa ita ce mai ƙarancin kilomita. Hanya mafi sauri ita ce mai ƙarancin awa da minti. Waɗannan abubuwa biyu ba kullum suke haɗuwa a hanya ɗaya ba.

Ku dubi ƙasarmu. Babbar hanyar kwalta, hanyar ƙasa mai lamba 11, ta taso daga Damagaram, ta bi Bakin Birji da Sabon Kafi, ta kai Tanut, wajen kilomita 150, sannan ta miƙe zuwa Agadas. Falanko tana yamma da wannan kwalta. Saboda haka mai zuwa Damagaram daga ƙauyukanmu yana da zaɓi biyu. Ko ya yanke kudu ta cikin rairayi, ko ya fara yin gabas ya hau kwalta, sannan ya juya kudu.

Ga ƙa'idar lissafi: a raba nisa da gudu, a sami lokaci. Motar da take cin kilomita 30 a awa ɗaya, in za ta yi kilomita 60, awa 2 take bukata.

Mu yi lissafi tare

Mu ɗauki misali. Mun zaɓi lambobi masu sauƙin rabawa don kowa ya bi mu. Wani magidanci a wani ƙauye kusa da Falanko, matarsa tana naƙuda, haihuwa ta yi gardama. Ungozoma ta ce a kai ta babban asibitin Damagaram. An samo mota. Wace hanya za a bi?

Hanyar yanke kilomita 90 ce, duk rairayi. A cikin rairayi motar ba ta wuce kilomita 30 a awa. Mu raba 90 da 30. Mun sami awa 3.

Hanyar kewaye kilomita 120 ce, amma kashi biyu ce. Kashi na farko rairayi ne, kilomita 30, wato awa 1. Kashi na biyu kwalta ce, kilomita 90. A kan kwalta motar tana cin kilomita 60 a awa. Mu raba 90 da 60. Mun sami awa 1 da rabi. In mun tara kashi biyun, awa 2 da rabi ke nan.

Kun gani? Hanyar kewaye ta fi tsawo da kilomita 30, amma ta fi sauri da minti 30. Ga mace mai naƙuda, rabin awa ba ƙaramin abu ba ne. Direban da ya ƙirga kilomita kaɗai zai yanke, ya makara.

Wani zai ce: to, mai fa? Doguwar hanya ba kullum ta fi shan mai ba, domin a cikin rairayi mota tana tafiya da ƙaramar giya, inji yana ta kuka, ƙafafu suna nutsewa. A ce lita ɗaya tana kai motar kilomita 6 a rairayi, kilomita 10 a kwalta. Hanyar yanke za ta sha lita 15. Hanyar kewaye za ta sha lita 5 a rairayi da lita 9 a kwalta, lita 14 ke nan. Ko a nan kewaye bai yi asara ba.

Direbobi sun san wannan tun kafin a yi salula. Shekaru da dama manyan motocin haya masu zuwa Tawa daga Yamai suna kewayawa ta Doso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni, tafiyar fiye da kilomita 500, alhali ta Filinge ta fi kusa nesa ba kusa ba. Kwalta suka bi.

Yadda waya take zaɓen hanya

Waya tana sanin inda take ta hanyar taurarin ɗan Adam da ake kira GPS. Amma taurarin nan ba su ne suke zaɓa mata hanya ba. Wurin da mutum yake tsaye kawai suke nunawa. Zaɓen hanya aikin taswira ne da lissafi.

A cikin taswira an yanka kowace hanya gaɓa-gaɓa, kamar karan gero. Daga wannan mararraba zuwa waccan, gaɓa ɗaya. Kowace gaɓa an rubuta mata tsawonta da irin gudun da ake yi a kanta. Daga nan ake fitar da mintocinta. Sai na'ura ta tara mintocin gaɓoɓin kowace hanya, ta gwada, ta ɗauki wadda jimlarta ta fi ƙanƙanta. Dabarar wannan lissafi tsohuwa ce. Wani masani ɗan ƙasar Holan, Edsger Dijkstra, ya wallafa ta a 1959.

Ku lura da kyau: in ba a canza mata umarni ba, minti take tarawa, ba kilomita ba. Wannan shi ne dalili na farko da ya sa take bin kewaye.

Dalili na biyu cunkoso ne. Wayoyin mutanen da suke kan hanya suna aika labarin gudunsu. In na'ura ta ga wayoyi masu yawa sun taru wuri ɗaya ba sa motsi, sai ta gane hanya ta toshe, ta shafa mata jan launi, ta kauce. Wannan yana aiki sosai a babban birni kamar Kano, inda motoci da wayoyi suke da yawa.

Dalili na uku shi ya fi shafar mu. Hanyoyin daji da yawa ba a zana su a taswira ba. Abin da ba a zana ba kuwa, waya ba ta san da shi ba. Hanyar da amalanke suke bi kowace ranar kasuwa, a wurin waya fili ne kawai. Dole ta kewaya.

Inda waya take kuskure

Mu koma ga misalinmu. A ce kwaltar nan ta lalace, ramuka ko'ina, mota ba ta wuce kilomita 40 a awa. Mu raba 90 da 40. Mun sami awa 2 da minti 15. Mu ƙara awa 1 ta rairayi. Jimla awa 3 da minti 15. Yanzu hanyar yanke ce ta fi sauri da minti 15. In labarin ramukan nan bai kai ga taswira ba, waya za ta ci gaba da cewa kewaye ya fi.

Haka kuma kuskuren yana iya juyawa. Waya tana iya ɗaukar hanyar rairayi kamar hanya mai kyau, ta ba ta gudun da mota ba ta iya yi. A daji wayoyi kaɗan ne, rezo ma yana yankewa, babu mai gyara mata labari. Ba ta san an yi ruwa jiya ƙorama ta kawo ba. Ba ta san da damina an shuka gero har bakin hanya ba. Ba ta san tudun rairayin da mota mai kaya take kafewa a kai ba. Ba ta ƙirga tsayuwa a shingen jami'an tsaro ko sauke fasinja. Ba ta kuma san wurin da ba a bi da dare ba.

Akwai hanya mai sauƙi ta kama ta. Waya tana rubuta abu biyu: nisa, da alamar km, da lokaci, da alamar h ko min. Ku gwada su. In ta ce kilomita 60 cikin awa 1, tana nufin gudun kilomita 60 a awa. In kun san hanyar rairayi ce, kun san ba zai yiwu ba. Ku ninka lokacin sau biyu, sannan ku sake gwada hanyoyin.

Mai amalanke da mai mota ba ɗaya ba ne

Duk wannan lissafi na mota ne. Shanun amalanke, ko jaki, ko raƙumi, kwalta ba ta ƙara musu gudu sosai. A ce suna cin kilomita 5 a awa ko'ina. Kilomita 30 na kewaye sun zama ƙarin awa 6, kusan wuni guda. Saboda haka ga mai dabba da mai tafiya ƙasa, hanya mafi kusa ita ce mafi sauri, muddin akwai rijiya a kanta. Madugan ayari na da ma, masu ratsa Damargu tsakanin Kano da Agadas, rijiyoyi suke bi, ba miƙaƙƙen layi ba.

A saman taswira akwai ƴan hotuna: mota da mutum mai tafiya. Ku taɓa wanda ya dace da tafiyarku, domin kowanne lissafinsa dabam.

Abin yi kafin a tashi

Waya takan nuna hanya biyu ko uku. Wadda ta zaɓa tana da launin shuɗi mai ƙarfi, sauran sun fi dusashewa. Ku taɓa kowace, ku karanta kilomita da minti, ku rubuta a takarda. Bayan haka ku je tasha, ko ku tambayi ɗan kabu-kabun da ya bi hanyar cikin kwanakin nan: ina rairayi ya yi yawa, ina ruwa ya kwanta, awa nawa ya yi? Matambayi ba ya ɓata. In maganarsa ta saɓa da ta waya a kan hanyar daji, ku bi tasa, domin shi ya taka ta. In bambancin hanyoyin biyu minti 10 ne ko 15, kuma akwai marar lafiya a mota, ku bi wadda mutane suka fi bi. In mota ta lalace a can, za a sami mai taimako. Hanyar lafiya, a bi ta da shekara.

Aikin aji

1. Hanyar rairayi kilomita 40 ce, babur yana cin kilomita 20 a awa. Awa nawa zai yi?

2. Wata hanyar kilomita 60 ce, duk kwalta, babur yana cin kilomita 40 a awa. Awa nawa zai yi? Wace hanya ta fi sauri?

3. In da amalanke za a je, wace hanya za a bi? Don me?

4. Ku zana hanyoyi biyu daga garinku zuwa kasuwar da kuke ci. Ku tambayi direba lokacin kowace da rani da kuma da damina. Ku kawo wa malaminku amsa a zama mai zuwa.