Abin da ke sa kafso ya daina aiki

Jama'ar Zongo, a ce likita ya rubuta wa ɗayanku amoksisilin, sau uku a rana har kwana biyar, wato kafso 15. Kuɗi suka gaza, ya sayi shida. Kwana biyu zazzaɓi ya sauka, ya koma rumfarsa a Dantokpa.

Ciwon bai tafi ba. Maganin ya kashe raunanan ƙwayoyin bakteriya, masu taurin kai kuwa suka tsira, suka hayayyafa. Idan ciwon ya dawo, kafson jiya yana iya kasa su, sai an koma ga allura mai tsada. Wannan shi ne bijirewar ƙwayoyin cuta. Ku lura, ƙwayar ce ta canza, ba jikin mutum ba, shi ya sa takan bi hannu da kwanon abinci ta kama yaron da bai taɓa shan maganin ba.

Mura kuwa, bairos ke kawo ta, amoksisilin ba ya taɓa shi. Shansa dominta asara ce, kuma horo ne ga bakteriyar da ke hanjinku.

Idan an kwana uku ana shan magani daidai, zazzaɓi bai sauka ba, kada ku ƙara wani kafso daga tire. Ku koma asibiti da kwalin maganin a hannu.