Yadda Ake Jera Laƙabi a Kan Wasiƙa

Kowane ɗalibi ya san cewa ba a fara wa babba wasiƙa da sunansa tsirara. Inda ake yawan tuntuɓe shi ne idan mutum ɗaya yana da laƙabi uku ko huɗu.

To, a ce ƙungiyar Hausa ta kwaleji tana so ta gayyaci wani dattijo ya yi jawabi. Farfesa ne, ya yi aikin hajji, kuma sarkin garinsu ya naɗa shi Wali. Sakatare ya ɗauki alƙalami ya rubuta: Alhaji Wali Farfesa Dokta Malam Wane. Ya zaci ya girmama shi, alhali kuwa ya yi kure har uku.

Na farko, Farfesa ya haɗiye Dokta. Wanda ya kai wannan matsayi ba a ƙara masa Dokta a gaba, domin mayar da shi baya ne. Malam ma, duk da darajarsa, ba ya zama kusa da Farfesa, ko da yake da baki ɗalibansa suna ce masa Malam, ba laifi.

Na uku shi ne mazaunin sarauta. Sarauta tana bin bayan suna, kuma tana tafiya da sunan garin da aka naɗa ta. Ku dubi yadda ake rubuta Alhaji Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ko Alhaji Maitama Sule, Ɗanmasanin Kano. Idan an bar sunan gari, mai karatu bai san wane Wali ba ne, don masarautu da yawa suna da nasu. Saboda haka daidai shi ne: Farfesa Wane, Walin gari kaza. Alhaji fa? Wasu suna son a sa, wasu ba sa so. Sai sakatare ya dubi yadda mutumin yake rubuta sunansa a takardunsa, ya bi.

Da an shiga cikin wasiƙa kuma, sai a ajiye sunan yanka ɗungum. A ce, "Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da ladabi," in mace ce "Ranki ya daɗe." Daga nan sai a riƙa kiransa da sarautarsa: "muna roƙon Wali ya daure ya zo." Na sha ganin yara suna rubuta wa Farfesa "Allah ya ja zamanin Malam." Wannan addu'ar sarki ce. Wa malami "Allah ya gafarta Malam" ake cewa.

Haka nan Mai Martaba na sarki ne, Mai Alfarma na Sarkin Musulmi, Mai Girma na gwamna ko minista, Mai Shari'a na alƙalin babbar kotu. Wanda ya rubuta wa hakimi Mai Martaba ya jawo masa magana, musamman idan wasiƙar ta biyo ta fada.

Idan aikin ofis ne, kamar neman izinin tafiya, muƙamin ofis ake fara sawa: Zuwa ga Shugaban Kwaleji. Ko da an sake shugaba kafin takarda ta isa, wanda ke kan kujera zai buɗe ta.