Kafin a Ambaci Ɓarnar Gona

Ɗana, tunda dagaci ya ɗora maka jagorancin zaman manoma da makiyaya na kakar bana, ka saurari abin da zan faɗa maka kan yadda ake buɗe shi. Irin wannan zama, tun ran gini tun ran zane. Dokar da ka kafa kafin a ambaci gona kowa zai karɓe ta, amma wadda ka fito da ita bayan murya ta tashi, wanda ta faɗa a kansa zai ce don shi ka ƙirƙiro ta.

Aikin yana farawa ne tun jajibiri. Ka je wurin Sarkin Noma, ka je wurin Arɗo, kowa a gidansa, ka karanta musu sharuɗɗan zaman, ka tambaye su abin da za su ƙara. Ka roƙe su kowa ya gaya wa mutanensa cewa sanda da adda a zauren dagaci za a ajiye su. Makiyayi ba ya rabuwa da sandarsa da sauƙi, kuma ba don faɗa yake riƙe ta ba, saboda haka daga bakin Arɗo ya kamata ya ji wannan magana, ba daga bakin wani saurayi a ƙofar shiga ba.

Ranar zama, bayan addu'a, ka roƙi liman ya yi ɗan tunatarwa a kan aya ta 11 ta Suratul Hujurati, wadda ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙubba. Daga nan sai ka faɗi abin da ya tara ku a jimla ɗaya: ranar da za a saki dabbobi cikin gonaki, da burtalin da za su bi kafin ranar. Ka faɗa a fili cewa diyyar gonar wane ba yau za a yanke ta ba, akwai mutanen da za su je su duba ɓarnar da idonsu. In ba ka rufe wannan ƙofa ba, rikicin shekara biyar zai shigo ta cikinta.

Sharuɗɗan kada su wuce abin da mutum zai riƙe a ka. Mai magana kai zai fuskanta, ba abokin ƙararsa ba. Ba a katse shi. Manomi ɗaya, makiyayi ɗaya, bi da bi, kowa minti uku. Ka yi lissafin nan da kyau: mutum shida daga kowane ɓangare minti 36 ke nan, in kuma ana fassarawa zuwa Fulatanci ya zarce awa ɗaya. Shi ya sa na fi son hantsi a kan bayan la'asar, don kada kiran magariba ya tashe ku wani ɓangare bai gama ba. Tafinta kuwa kada ka yi rowarsa ko da kowa yana jin Hausa. Dattijon da aka tilasta wa kare kansa da harshen da ba nasa ba yakan ga kamar an riga an kayar da shi.

Sharaɗin da ya fi kowanne nauyi shi ne hana jam'u. Ba "ku Fulani", ba "ku Haɓe". Misali, wani ya miƙe ya ce, "Shanunku sun cinye mana wake." Ka dakatar da shi cikin ladabi: "Malam, gonar wa? Ran yaushe? Wa ya gani?" In ya ce gonarsa ce ta bakin fadama, daren Talata, kuma ya bi sawun har mashaya, to maganar ta zama ta garke ɗaya, Arɗo zai iya bincikawa ba tare da jin an zagi danginsa ba.

Da ka gama karantawa, kada ka wuce sai ka tambaya, "An yarda?" Ka jira Sarkin Noma ya amsa da bakinsa, Arɗo ma haka, sannan samarin da ke tsaye a baya. Ka sa a kawo musu tabarma su zauna, don daga can gunaguni yake farawa.

Za a gwada ka, kuma sau da yawa babba ne zai fara karya doka, wataƙila ma ɗan ɓangarenku. Ka ce, "Baba, a gafarce ni, lokaci ya cika, kuma da yardarku muka sa shi." In ka kau da kai a kansa, ba ka da bakin tsawata wa yaron Arɗo. In kuwa ka ji "Malam" ta koma "kai", ka ga mutum biyu sun miƙe lokaci guda, ka tsayar da zaman, a sha ruwa, ka keɓe da shugabannin biyu. Idan an dawo, ka sake karanta sharuɗɗan tun daga farko kafin ka ba kowa dama. Allah ya yi maka jagora, ɗana.