Wake a kunnen yaro: kada ki zuba ruwa

Yaro ya zo yana sosa kunne, ƙanwarsa ta ce: "Umma, wake ya cusa." Hannunki zai kai ga tsinken ashana ko butar ruwa. Ki bar su duka.

Ramin kunne ɗan gajere ne, ko na babba kusan santimita 2.5 ne kawai, kuma a ƙarshensa akwai fatar dodon kunne mai laushi. Tsinke sai dai ya ƙara tura waken ciki, in yaro ya zabura ya huda fatar. Ruwa kuwa kumbura wake yake yi, kamar wanda kika jiƙa na ƙosai, sai ya toshe ramin gam. Masara da gyaɗa ma haka. Ki karkata kansa, kunnen ya kalli ƙasa, ki ɗan ja fatar kunnen a hankali. In bai faɗo ba, ku tafi asibiti a ranar.

Ƙwaro daban ne. Kyankyaso mai rai motsinsa ke sa yaro ihu da tsakar dare. Ki kwantar da shi, kunnen na sama, ki ɗiga man zaitun ko man gyaɗa mai tsabta wanda ba a ɗora a wuta ba, har ya cika ramin. Ƙwaron zai mutu, wani lokaci ya taso. Ko ihun ya lafa, a je a duba, don ƙafa ko fiffike kan rage. Amma in kunnen na fitar da jini ko ruwa, ko yaron na da tsohon miki a ciki, kada a ɗiga komai.

Ƙaramin batirin agogo in ya shiga kunne ba ya jiran safiya. Yana ƙona nama cikin 'yan sa'o'i, ruwa kuma ƙara masa ƙarfi yake, don haka kada a ɗiga ruwa ko mai. A tafi nan take.