Cakulan da Kyautar Nobel: Yadda Ake Karanta Zanen Ɗigo-ɗigo

A shekarar 2012 wani likitan zuciya da ke aiki a New York, Franz Messerli, ya buga wani zane a ɗaya daga cikin manyan mujallun likitanci na Amurka. Ya ɗauki ƙasashe 23, ya duba yawan cakulan da mutum ɗaya ke sha a shekara a kowacce, sannan ya duba yawan waɗanda suka ci kyautar Nobel cikin kowane mutum miliyan 10. Da ya ɗiga su a takarda, sai suka jeru tun daga ƙasa hagu har sama dama. Jaridu suka ɗauka, aka yi ta yaɗa cewa cakulan na ƙara kaifin basira. Da wannan zanen nake so mu koyi karatu, domin irinsa ne ɗalibi ke sakawa a babi na huɗu na kundin bincikensa, irinsa ne kuma ake haskawa a bango wurin taro kafin a yanke shawarar inda za a zuba kuɗin jama'a.

Kafin idonka ya bi jerin ɗigon, tsaya ka karanta gefunan zanen. Layin da ke kwance a ƙasa yana auna abu ɗaya, wanda ke tsaye a hagu yana auna na biyu. A zanen Messerli, na kwance kilo nawa ne na cakulan, na tsaye kuma yawan masu kyautar. Daga nan sai ka tambayi kanka: kowane ɗigo wane ne? Wannan tambayar ita mutane suka fi tsallakewa, kuma a ganina ita ce mafi girma. A nan ɗigo ɗaya ƙasa ce sukutum. Sin tana can ƙasa hagu, cakulan kaɗan, kyauta kaɗan. Suwizalan tana can ƙololuwa a dama, da kusan kilo 12 ga mutum ɗaya a shekara. Babu inda aka auna abin da shi mai cin kyautar ya sha. Mai yiwuwa yaran makaranta ne ke shanye cakulan ɗin, masanin kuwa ko ɗanɗanawa ba ya yi. Zanen da ɗigonsa ƙasashe ne, maganar ƙasashe kawai zai iya yi. Ba shi da bakin magana a kan mutum ɗaya.

Yanzu dubi yadda ɗigon suka kwanta. Idan suna hawa yayin da kake tafiya dama, abubuwan biyu suna ƙaruwa tare. Idan suna gangarowa, ɗaya na ƙaruwa ɗaya na raguwa. Idan sun watse ko'ina, babu wata tafiya tare da ido zai kama. Sai kuma ka lura da yadda suka matse: sun manne da layi ɗaya, ko kuwa sun baje nesa da shi? Wannan matsewar ce ake aunawa da lambar da ake rubutawa r, wadda ba ta wuce 1 ba ta kuma gaza −1. Kusa da 1, jeri mai hawa a matse. Kusa da −1, jeri mai gangara a matse. Kusa da sifili, babu miƙaƙƙen jeri. Messerli ya samu 0.791, wanda ba ƙaramin abu ba ne. Idan kana da Excel, ka zuba alƙalumanka a layi biyu, ka zaɓi Scatter a ƙarƙashin Insert ka ga zanen, sannan ka nemi lambar da wannan:

```
=CORREL(A2:A24,B2:B24)
```

Ka fara ganin zanen kafin lambar, kada ka juya. Dalili shi ne r miƙaƙƙen layi kawai ya sani. Ɗauki taki da amfanin gona: kana ƙara taki amfani na ƙaruwa, har a kai inda ƙarin ba ya ƙara komai, in ka zarce ma ya ƙone shuka. Ɗigon za su hau, su lanƙwasa, su sauko. Lambar tana iya fitowa kusa da sifili, wanda bai duba zanen ba ya ce taki ba ruwansa da amfanin gona, alhali dangantakar tana nan ƙarara.

Akwai kuma ɗigon da ya ware daga 'yan'uwansa. A zanen cakulan, Suwidin ce. Da kilo 6.4 da suke sha, layin ya nuna ya kamata su samu kamar 14 cikin miliyan 10, sai ga su da 32. Da aka cire ta daga lissafi, r ya hau zuwa 0.862. Kada ka goge irin wannan ɗigon don zanenka ya yi kyau. Ka fara duba ko kuskuren rubutu ne, kamar sifilin da ya yi yawa. Idan daidai ne, to yana da labarin da zai ba ka. Kusan dukkan kyaututtukan Nobel a Suwidin ake zaɓen masu cin su, kuma shi kansa Messerli ya ambaci haka. Ɗigo ɗaya ya isa ya nuna cewa akwai wani abu ban da cakulan da ke motsa lambobin nan.

To ga inda ake zamewa. Zanen ya nuna abubuwa biyu suna tafiya tare, kuma gaskiya ne suna tafiya tare. Abin da bai nuna ba shi ne wane ne ke jan wani. Duk lokacin da ka ga jeri mai kyau, ka nemi abu na uku da zai iya ɗaga su duka biyun. A nan ba sai an yi nisa ba: arziki ne. Ƙasar da mutanenta ke da rarar kuɗin sayen kayan kwalama ita ce mai tsofaffin jami'o'i da ɗakunan gwaji da kuɗin riƙe masani shekara da shekaru yana bincike. Ka tuna Ghana da Kwaddibuwa ne ke noma fiye da rabin kokon duniya, amma ba su ke shanye cakulan ba, kuma babu ƙasar Afirka ko ɗaya a cikin 23 ɗin nan. Shekara ɗaya bayan zanen, a 2013, wasu masu bincike a Beljiyam suka sauya cakulan da yawan shagunan kayan ɗaki na kamfanin IKEA a kowace ƙasa, suka samu jeri mai matsewa kamar na farko. Babu wanda zai ce sayen kujera ke kawo Nobel. Duk abin da ke bin arziki zai jeru haka.

Yadda za ka gwada wannan da hannunka shi ne ka raba ɗigon gida-gida bisa abu na ukun. Ka ba ƙasashe masu arziki sosai launi ɗaya, matsakaita wani launi, sannan ka dubi kowane rukuni shi kaɗai. Idan a cikin rukunin jerin ya yi rauni ko ya ɓace, to yawancin abin da ka gani da farko aikin arziki ne.

Wani lokaci kuma sanadin yana nan, amma a juye. A ce an zana ƙananan hukumomi, an ga inda aka fi raba gidan sauro nan ne zazzaɓin cizon sauro ya fi yawa. Mai gaggawa zai ce gidan sauron ba ya aiki. Amma ai inda cutar ta fi tsanani can ake fara kai kayan. Cutar ce ta jawo rabon. Tambayar da ke warware wannan ita ce: wanne ya riga wanne? Sannan akwai faɗuwar da ke zuwa daidai da zama. Wanda ya gwada abu hamsin da juna a kan ɗigo goma-goma, dole wasu su jeru ba gaira ba dalili. Saboda haka ka ƙirga ɗigon, ka kuma tambayi mai zanen abubuwa nawa ya gwada kafin ya zaɓi wannan ya nuna maka.

Kada wannan ya sa ka zama mai watsi da kowane zane, domin wasu jerin gaskiya suke faɗa, kuma rayuka ne a ciki. Shan taba da sankarar huhu da tafiya tare aka fara ganinsu. A 1950 Richard Doll da Austin Bradford Hill suka tambayi majinyata a asibitocin Landan. Cikin maza 649 masu sankarar huhu, 2 ne kacal ba sa shan taba; cikin 649 masu wasu cututtukan, 27 ne. Babban masanin ƙididdiga Ronald Fisher ya ƙi yarda, ya ce mai yiwuwa wani abu ne a halittar mutum ke sa shi son taba, shi ne kuma ke kawo cutar. Abu na uku ke nan, kuma tambaya ce da ta cancanci amsa. Amsar ba daga zane ɗaya ta fito ba. Tun daga 1951 Doll da Hill suka riƙa bin dubban likitocin Birtaniya, an rubuta yadda kowa ke shan taba tun yana lafiya, don haka an san wanda ya riga. Aka ga mai shan kara da yawa ya fi mai shan kaɗan haɗari, wanda ya daina kuma haɗarinsa ya yi ƙasa da na wanda ya ci gaba. Aka samu haka a ƙasashe daban-daban, aka kuma gano sinadarai masu haddasa sankara a cikin hayaƙin. Cakulan bai ci ko ɗaya daga waɗannan jarrabawowin ba.

Inda kuwa abin yake hannunka, ka yi gwajin da kanka. A ce ƙungiyarku ta manoma ta zana gonaki talatin, ta ga wanda ya fi zuba wani sabon taki shi ya fi cika rumbu. Wanda ke da kuɗin takin sau da yawa shi ne mai kuɗin 'yan ƙwadago da ingantaccen iri da gona mai kyau, saboda haka zanen bai raba takin da aljihun mai gonar ba. Ku ɗauki gona ɗaya ku yanka ta fegi goma daidai wa daida, iri ɗaya, ranar shuka ɗaya, noma ɗaya. Ku rubuta lambobin fegin a takardu, ku naɗe, ku sa yaro ya zari biyar. Waɗannan su za a zuba wa sabon takin, sauran a bar su da wanda aka saba. Ƙuri'ar ce ke hana hannu karkata zuwa fegin da dama ya fi danshi. Da kaka a auna amfanin kowane fegi daban da mudu ɗaya, a rubuta, kuma a maimaita baɗi a wata gonar, domin damina ɗaya tana iya zuwa da nata halin.